Ɗaya Yana Ɓoye Farashi, Ɗaya Yana Ɓoye Kaya

Masu sukar wasannin waya na kyauta sukan yi wa kuɗin cikin wasa da akwatin sa'a kuɗin goro. A ganina wannan kuskure ne, domin illar kowanne daban ce, maganinsa ma daban. Wasan Genshin Impact, wanda ya fito a 2020, ya isa misali.

Kuɗin cikin wasa canji ne. Kana ba da dala, a ba ka Genesis Crystals, ka sayi abin da idonka ya gani. Akwai tufafin jarumai da ake sayarwa a kan 1,680, kuma wanda ya biya zai samu. Sai dai babu ƙunshin 1,680 a shagon. Ko dai ka harhaɗa ƙanana, ko ka sayi na 1,980 a kan dala 29.99, ragowar ta zauna tana jan ka zuwa wani sayayyar. Nan an san kaya, farashin ne ya dushe.

Akwatin sa'a kuwa cinikin biri a sama ne. Kowane gwaji yana cin Primogems 160, waɗanda ake samu ta yin wasa ko ta canza Genesis Crystals ɗaya bisa ɗaya. Damar fitowar jarumi mai tauraro biyar tana farawa ne daga shida cikin dubu. Wasan ya yi alkawarin bayar da ɗaya kafin a wuce gwaji 90, amma kusan rabi da rabi ne ya zama wanda ake tallatawa. Idan aka kuskure, sai na gaba ya zama tabbas.

Mu yi lissafin wanda sa'a ta ƙi. Gwaji 180 sau 160 ya kama 28,800. Babban ƙunshi na dala 99.99 yana ba da 8,080 har da gyara, don haka guda uku ba su isa ba. Wani ya sami jarumin a gwaji na goma, wani ya kashe fiye da dala 350 a kansa.

Saboda haka dokar da ta dace da ɗaya ba ta wadatar da ɗayan. Kuɗin cikin wasa yana bukatar a rubuta ainihin farashi kusa da kowane kaya. Akwatin sa'a yana bukatar bayyana damar ci da kuma iyakar shekaru. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki akwatin da ake saye da kuɗi a matsayin caca. A Janairun 2025 kuma kamfanin da ke rarraba Genshin Impact ya amince ya biya dala miliyan 20 bayan ƙarar hukumar kasuwanci ta Amurka, tare da daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 akwatunan ba da izinin iyaye ba.

Kafin ka biya, ko ka biya wa ɗanka, duba ko wasan ya faɗi abin da za ka samu. Idan jadawalin kaso cikin ɗari ka tarar a maimakon sunan kaya, lissafa mafi munin sakamako da ainihin kuɗi tukuna.