Hular da mutum bai taɓa sawa ba: sabon salon farfagandar 2027

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, hoton ɗan siyasa cikin ƙaramar riga da wandon jins ya isa a yi masa sauyin sheƙa ba da saninsa ba. Cikin mintuna kaɗan manhajar gyaran hoto za ta lulluɓe shi da babbar riga, ta kafa masa hula.

Rigar ba ta cika yin ɓarna ba, domin 'yan takarar Kudu sun daɗe suna sanya ta idan sun zo neman ƙuri'a a Arewa. Hular ce matsalar. A Kano jar hula shaidar Kwankwasiyya ce, haka nan hula mai zanen tsinkakkiyar sarƙa ta zama tambarin Shugaba Tinubu. Wanda aka ɗora wa ɗaya daga cikinsu, an yi masa mubaya'a ke nan a madadinsa, kuma kafin ya ƙaryata, hoton ya gama zagaya WhatsApp.

Sai dai ɗinki kan tona asiri. A rigar gargajiya, aikin aska takwas yana zaune ne a ƙirjin hagu, wajen aljihu. Manhaja kuwa takan raba adon daidai wa daida hagu da dama, ko ta narkar da zaren ya zama kamar fenti. A dubi kafaɗa ma: mai babbar riga yakan naɗe hannayenta a kai, yadin ya taru da nauyi. A hoton bogi rigar takan kwanta shafal, hular kuma ta zauna a goshi ba ko inuwa.