Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Ahmed Aliyu Kan Haya Da Sayen Gida A Marnona

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe,

Na rubuto ne a kan tambayar da ke damun malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ake turowa Marnona, da iyalan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Rabah da Goronyo: su kama haya ne ko su sayi gida?

A ɗauka mutum ya kama ciki da falo a kan naira 60,000 a shekara, mai gida kuma yana ƙara kashi 15 cikin ɗari duk shekara. Cikin shekara goma zai biya kusan naira miliyan 1.2, kuma ranar da ya tashi ko bulo ɗaya ba nasa ba ne.

A ɗauka kuma wani ya sayi gidan ƙasa mai rufin kwano a kan miliyan 2. La'adar dillali da kuɗin shaidu za su ci 100,000. Yaɓe kafin kowace damina, a ce 50,000, ya zama 500,000. Canjin kwano da haƙa sabon masai su ci 200,000. Jimilla miliyan 2.8 ke nan, ban da ribar da jarin zai kawo da an sa shi a fataucin albasa ko tafarnuwa.

Tazarar da ke tsakaninsu miliyan 1.6 ce. Idan bayan shekara goma gidan zai sayu fiye da haka, mai saye ya ci riba. Idan ba zai sayu ba, ɗan haya ne ya tsira. Ashe hukuncin duka yana ga darajar gidan ranar sayarwa, ita kuwa tana hannun gwamnati fiye da hannun mai gida, ta fuskoki uku.

Na farko, takarda. Yawancin cinikin gida a nan takardar mai unguwa ce da shaidu, banki kuwa ba ya karɓarta jingina. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa maka amanar ƙasar jihar. Muna roƙo a kawo rajistar takardar mallaka sakatariyar Wurno, Rabah da Goronyo, a kan kuɗi sananne da talaka zai iya.

Na biyu, ruwa. Ambaliyar Gulbin Rima ta 2010 ta rushe gidaje masu yawa a ƙasar Goronyo da Wurno. A fitar da taswirar wuraren da ruwa ke ci, a manna ta a fadar hakimai, domin kada a sayar wa baƙo hanyar ruwa.

Na uku, tsaro. Gidan da ke garin da aka watse ba shi da mai tayawa, komai kyansa.

Kafin a gyara waɗannan, shawarata ga duk wanda bai tabbatar zai shekara goma a nan ba ita ce ya zauna haya. Ranka ya daɗe, ka ba mu dalilin canza wannan shawara.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin makaranta, Marnona