Goge Ƙurji, Bar Tsagar Gado

Manhajar Remini ba ta dawo da abin da kyamara ta rasa, kintace take yi ta cike gurbin. Ba ta dusasshen hoton kakanka na Bakura ko Maradun, tana iya ɗaukar tsagar Zamfarawa a matsayin ƙarzuwar takarda ta shafe. Tsohon zai yi kyau, amma ba shi ba ne.

A ganina iyakar ke nan. Ƙara haske abinka, ka goge ƙurjin da zai warke cikin mako da Healing na Snapseed. Tsaga, launin fata da faɗin hanci kuwa, bar wa mai su. Danne hoton da yatsa, Snapseed za ta nuna maka na asali. In mai tarbarka a tashar Mafara zai wuce ka da hoton a hannu, rage gyaran.