Satar gida: Dokar da ta fi haddasa musu a ƙwallon ƙafa ba ta da wuyar ganewa

Duk wanda ke wucewa ta gidajen kallon ƙwallo na Ƙofar Guga a ranakun Asabar da Lahadi ya san wannan yanayi: a yi ihu an ci, jim kaɗan ihun ya mutu, sai musu ya kaure. Idan ka tambayi abin da ya faru, amsar kalma biyu ce: satar gida. Wanda bai taɓa bin ƙwallo ba zai yi mamaki, domin da idonsa ya ga ta shiga raga.

Ni a ganina dokar ba ta da sarƙaƙiya. Abin da ke da wuya shi ne ganin ta da ido a lokacin da ake gudu, kuma rashin bambance waɗannan biyun ne ke sa ana zagin alƙalan wasa ba da haƙƙinsu ba.

Me dokar ta ce?

Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 11, kuma satar gida ita ce doka ta 11 cikin dokokin wasan guda 17. Manufarta ita ce hana ɗan wasa zuwa ya yi zamansa a bakin ragar abokan hamayya yana jiran a cillo masa ƙwallo. Ba don ita ba, da wasan ya koma doka ƙwallo sama daga wannan raga zuwa waccan.

Mu ɗauka masu farar riga ne ke kai hari kan masu jar riga. Wani mai farar riga yana shirin tura wa abokinsa ƙwallo. A daidai lokacin da ƙafarsa ta taɓa ƙwallon, sai ka tsayar da hoton a zuciyarka, ka yi tambaya uku game da wanda za a ba. Shin yana cikin rabin filin masu ja? Shin ya fi ƙwallon kusa da layin ƙarshen fili, inda ragarsu take? Shin masu jan da ke tsakaninsa da wannan layi ba su kai biyu ba? Idan amsar duka ukun "e" ce, to yana wurin satar gida.

Yawanci ɗaya daga cikin mutum biyun mai tsaron raga ne, shi ya sa za ka ji ana cewa kada a wuce ɗan bayan ƙarshe. Amma doka mutum biyu ta ce, ko su wane ne. Idan gola ya fito ya bar raga, ɗan baya ɗaya bai wadatar ba. Wanda kuma ke kafaɗa da kafaɗa da mutum na biyun bai yi laifi ba. Tun 1990 aka daidaita dokar a kan haka. Ana auna kai da gangar jiki da ƙafa, ban da hannu, tunda ba a cin ƙwallo da shi.

Tsayawa a wurin ma kaɗai ba laifi ba ne. Sai ɗan wasan ya taɓa ƙwallon, ko ya tare wa gola gani, ko ya yi takara da wani wajen ƙwace ta, sannan a busa. Babu satar gida idan ƙwallon ta zo kai-tsaye daga jifa, ko bugun kusurwa, ko bugun da ake yi daga gaban raga bayan ta fita. Hukuncin kuwa bugun tazara ne ga ɗaya ɓangaren, ba a ba da kati. Sunan da muka laƙaba mata yana sa a zaci mugunta ce, alhali sau da yawa ɗan wasa ya riga lokaci ne da taku ɗaya.

Inda ido ke yaudarar mai kallo

Mabuɗin dokar shi ne lokaci: sa'ad da aka buga ƙwallon ake dubawa, ba sa'ad da aka karɓe ta ba. Shi kuwa ɗan kallo, idonsa ƙwallo yake bi. Kafin ya kai ga mai karɓa, wuri ya riga ya sauya.

Ga lissafi. A ce ɗan gaba yana cin mita 8 a daƙiƙa ɗaya, kuma lokacin da aka buga saura mita 1 ya cim ma ɗan baya wanda ke tsaye. Ƙwallon ta yi daƙiƙa ɗaya a hanya. Lokacin da za ta iso, ya wuce ɗan bayan da mita 7, shi kaɗai da gola. Duk gidan kallo zai rantse satar gida ce, alhali halal ce tsantsa. Haka kuma wanda ya wuce layi lokacin bugu, sannan ya dawo baya ya karɓa, ya yi laifi ko da an gan shi a tsakiyar 'yan baya.

Wannan ne aikin mai tuta da ke gudu a gefen fili. Ana so ya ga ƙafar mai bugu da matsayin mai karɓa a lokaci guda, alhali tazarar da ke tsakaninsu kan kai mita 30 ko fiye.

Ranar da kuskuren ya yi mana rana

A ranar 21 ga Yunin 2014, Najeriya ta kara da Bosniya a birnin Kuyaba na Brazil a Gasar Kofin Duniya. Ana canjaras babu ci, Zvjezdan Misimovic ya zura wa Edin Dzeko ƙwallo ta tsakanin 'yan bayanmu, Dzeko ya ruga ya saka ta a ragar Vincent Enyeama. Tuta ta tashi, alƙalin wasa Peter O'Leary ya soke. Da aka maimaita hoton, sai aka ga cewa lokacin da ƙwallon ta bar ƙafar Misimovic, Dzeko bai wuce layin 'yan bayan Najeriya ba. Gudunsa ne ya sa ya yi kama da ɓarawon gida.

'Yan mintoci bayan haka Peter Odemwingie ya ci mana, aka tashi 1-0. Bosniya ta fice daga gasar, Najeriya ta kai zagaye na biyu. Mai tutar da aka zaɓo cikin ƙwararrun duniya ne ya yi wannan kuskure, kuma ban ji wanda ya ce Najeriya ta saye shi ba.

Irin wannan ne ya sa aka shigo da na'urar VAR Gasar Kofin Duniya a 2018. A Qatar a 2022, an soke wa Ajantina ƙwallo uku saboda satar gida kafin hutun rabin lokaci a wasanta da Saudiyya, wadda ta yi nasara da ci 2-1. Saudiyya da gangan ta riƙa matso da 'yan bayanta gaba a jere, domin 'yan Ajantina su faɗa tarko. Ka ga ashe dokar makami ce ga ƙungiyar da ba ta kai abokiyar karawarta ƙarfi ba.

Abin da nake kira a kai

A wasannin unguwa da na makarantu babu kyamara, babu maimaici, wani lokaci ko mai tuta babu. Ko a filin wasa na Muhammadu Dikko, idan Katsina United na wasa, wanda ke zaune a bayan raga ko can nesa da layin 'yan baya ba ya da kusurwar da zai yanke hukunci. Mai tutar da ke daidai layin ya fi shi gani, duk da shi ma yana iya kuskure. Kuskure daban, cin hanci daban, kuma jifa ko dukan alƙalin wasa ba ya dawo da ƙwallon da aka soke, sai dai ya jawo wa ƙungiya tara ko a hana magoya bayanta shiga fili.

Kai kuma da ka fara kallo, gwada wannan: idan aka doshi raga, ɗauke idonka daga ƙwallon, ka kafa shi kan ɗan bayan ƙarshe da wanda ke ƙoƙarin wuce shi. Ka lura da inda suke a lokacin bugun. Bayan wasa biyu ko uku, za ka riƙa sanin tuta za ta tashi tun kafin a ɗaga ta.