Kalmar "ƙarfi" ce ke kashe mana batir

Wani ƙanena yana da shagon cajin waya a Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya fi ƙarfin aljihunsa kamar yadda ya fi ƙarfin na masu shaguna da yawa daga Makarfi zuwa Ikara, sai ya tara kuɗi ya nufi Zariya zai sayo kayan sola. A shagon an nuna masa batir biyu. Ɗaya mai ruwa ne, an rubuta masa 12V 200Ah. Ɗayan na litiyam ne, an rubuta masa 25.6V 100Ah. Ya tambayi mai kayan, "Oga, wanne ya fi ƙarfi?" Aka ce masa ga lamba nan yana gani da idonsa, 200 ai ta ninka 100. Ya ɗauki mai 200 yana murna ya yi arha. Bai cika shekara da rabi ba batirin ya fara mutuwa kafin sallar isha'i.

Ban ce mai shagon ya yaudare shi ba. Ra'ayina shi ne kalmar da suka yi ciniki da ita ce ta yaudare su, su biyun. A Hausarmu ta kasuwa, V ƙarfi ne, A ƙarfi ne, W ƙarfi ne, Ah ma ƙarfi ne. Abubuwa huɗu mabambanta mun cusa su cikin kalma ɗaya, sannan muna mamakin yadda kuɗinmu ke zirarewa. Lokaci ya yi da masu haɗa sola, masu sayar da kaya da mu masu rubutu kan fasaha za mu ba kowanne sunansa.

Mu fara da Ah. Ba ya nuna ƙarfin da batir zai tura wuta da shi, yana nuna yawan cajin da cikinsa ke ɗauka ne. Ni "cikin batir" nake kiransa, kamar yadda muke cewa randar nan tana da ciki. Idan an rubuta 200Ah kuma a gefe akwai C20, ma'anarsa batirin zai iya ba da amfiya 10 har tsawon awa 20. Idan ka ja wutar da sauri fiye da haka, batir mai ruwa ba zai ba ka 200 ɗin cif ba, sai ƙasa da haka. Wannan lambar ce dai kake gani a bayan kwalin wayarka, 5,000mAh, sai dai an ƙirga ta da ƙaramin ma'auni: mAh dubu ɗaya shi ne Ah ɗaya.

Amma ciki kaɗai ba ya faɗa maka yawan wutar da ka saya, kuma nan ne ƙanena ya zame. Sai ka ninka cikin da lambar V, wadda nake kira "matsin wuta". Abin da ya fito shi ne Wh, ainihin "yawan wuta". Batirin da ya saya, 12 sau 200 ya ba da 2,400Wh. Wanda ya raina, 25.6 sau 100 ya ba da 2,560Wh. Ashe wanda ya ɗauka rabi ne har ya ɗan ɗara. Gaskiya ne na litiyam ɗin ya fi tsada kuma sai da infata mai 24V, to amma da ya san lissafin, da kan wannan zai yanke shawara.

Kai ma mai fawa-banki ka taɓa cin karo da wannan. An rubuta 20,000mAh, wayarka 5,000mAh ce, ka raba ka ce sau huɗu za ta cika maka. A aikace ba ta cika kai sau uku ba. Wannan 20,000 an auna ta ne a matsin 3.7V na ƙwayoyin batirin da ke ciki, wato 74Wh. Kafin wutar ta isa wayarka sai an ɗaga matsinta zuwa 5V ko sama, sannan wayar ta sake sauke shi, kuma a kowane mataki wani kaso yana tafiya a matsayin zafi. Ɗumin da kake ji a hannunka wutarka ce ke fita.

Kalma ta biyu ita ce ta kashe batirin ƙanena. A takardar bayanin batir za ka ga DoD, galibi da kaso cikin ɗari a gabansa. Na ji ana fassara shi da "saukar caji", amma wannan bai gargaɗi kowa ba. Ni na fi son "zurfin ɗiba". Duk wanda ya yi noman rani a fadamun Kudan ya san bambancin ɗibar ruwan saman rijiya da kwashe ta har sai guga ya fito da laka. Idan ka yi amfani da rabin cajin batir kafin ka mayar, zurfin ɗibarka 50 ne cikin ɗari. Idan ka bar shi sai da komai ya ɗauke, ka kai ƙasa. Kada ka rikita shi da SOC da wasu na'urori ke nunawa, shi wannan "ragowar caji" ne, irin lambar da ke saman fuskar wayarka. Idan ragowa 70 ce, ɗiba 30 ce.

Batir mai ruwa, wanda ake kira tubula, ba ya son a zarce rabi kullum. Idan ya sauka sosai kuma ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantan dalmar da ke cikinsa, kuma wurin da ya daskare ya daina karɓar caji. Cikin batirin sai ya riƙa tsukewa a hankali, lambar 200Ah tana nan a jikinsa amma abin da yake ɗauka ya ragu. Alamar ita ce ka ga ya cika da wuri da hantsi, ya kuma mutu da wuri da daddare. Masu shago da yawa suna jin daɗin cikar da wuri, alhali ciwon ne ke nuna kansa. Na litiyam irin LiFePO4 kuwa yana jure ɗibar 80 cikin ɗari ba tare da irin wannan lahani ba.

Yanzu mu sake lissafin. Daga 2,400Wh na batir mai ruwa, rabi ne naka, wato 1,200Wh. Ɗayan rabin ka ɗauke shi a matsayin uwar kuɗi, ɗan kasuwar da ke cin uwar kuɗi kuwa an san ƙarshensa. Infata ma tana cin nata kason, sai abin da zai isa soket ya koma kusan 1,000Wh. Fanka mai 60W na awa biyar ta cinye 300, ƙwai biyu masu 10W na awa biyar sun cinye 100, saura 600. Waya mai 5,000mAh tana ɗaukar kusan 19Wh, idan aka haɗa da asarar caja a ce 25. Wayoyi 24 ke nan bayan rana ta faɗi. Ƙanena kuwa yana karɓar duk wayar da aka kawo har sai infata ta yi kuka ta mutu. Da na litiyam ɗin ne, 80 cikin ɗari na 2,560 zai ba shi 2,048Wh kafin infata ta ci nata.

Sai kwantirola, akwatin nan da ke tsakanin farantin sola da batir. Sunan ya riga ya zauna a baki, ban ga dalilin canza shi ba, amma abin da ke fuskarta yana bukatar fassara. Lambar 30A ko 60A da ke jikinta ba Ah ba ce, faɗin ƙofa ne, iyakar wutar da za ta iya wucewa a lokaci guda. Idan ta nuna Boost, tana "cajin ƙarasawa" ne, wajen 14.4V a batir mai 12V. Idan ta nuna Float, kada wani ya ce maka wai batirin yana iyo, "cajin riƙo" ne, wajen 13.8V, ana ɗiga masa kaɗan don ya zauna a cike. Idan kwana da kwanaki ba ka ga ta kai wannan mataki ba, batirinka ba ya cika, ko farantanka sun yi kaɗan ko kayanka sun yi yawa. A lokacin hazo kuma ka fara da goge ƙurar da ke kan farantan.

Mafi haɗari shi ne LVD, wanda nake kira "layin tsayawa", matsin da idan batir ya sauka gare shi za a yanke wuta. Kwantiroloji da infatoci da yawa suna zuwa da wannan layi tsakanin 10.5V da 11.1V, kuma batirin da ya kai nan ya riga ya wuce rabi nesa. Batir mai ruwa da ya huta, babu caji babu kaya a kansa, yana nuna kusan 12.7V idan ya cika, kusan 12.1V zuwa 12.2V idan yana rabi. Auna shi da asuba bayan ka kashe komai na ɗan lokaci. Idan kullum ƙasa da 12V kake gani, ɗibarka ta yi zurfi. Ka kuma sani layin tsayawar kwantirola yana kare kayan da aka jona a bakinta ne kawai. Infatar da aka ɗaura kai tsaye a kan batir nata layin take bi.

Wani zai ce fassarar ɓata lokaci ce tunda da Turanci ake rubuta jikin kayan. Ban ce a goge Ah ko DoD ba, dole saurayi ya gane su idan ya gan su. Amma ciniki da Hausa ake yinsa, bayanin mai haɗa sola ga maigida da Hausa ne, kuma a wannan bayanin ne kuɗin ke ɓacewa. Wani kuma zai ce kalmomina ba su ne daidai ba. Na yarda ana iya samun waɗanda suka fi su, misalin rijiyar ma yana da iyaka, don rijiya tana sake kawo ruwa, batirin da gishiri ya kama kuwa da wuya ya dawo yadda yake. Sharaɗina ɗaya ne ga duk kalmar da za a kawo: wanda ya ji ta ya san abin da zai yi da abin da zai bari.

Ƙanena ya sayi wani batirin, mai ruwa ne dai don shi kuɗinsa suka kai. Wannan karon ya rubuta "wayoyi 24 bayan magariba" a kwali ya manna kusa da infata. Ranar da za ka shiga naka cinikin, ka bar tambayar wanne ya fi ƙarfi. Ka tambayi cikinsa nawa, matsinsa nawa, da zurfin ɗibar da kamfanin ya yarda da shi, sannan ka buɗe kalkuletar wayarka a gaban mai shagon.