Kofin Ruwa Na Iya Tona Asirin Sarƙa

A gidajenmu na Moriki, sarƙar gwal ajiya ce. Da ita iyayenmu mata ke fita kunya ranar da kuɗin makaranta ko na asibiti ya taso. Babban baƙin ciki shi ne a kai ta kasuwar Shinkafi ko Ƙauran Namoda, a ce tagulla ce.

Sarƙoƙi masu launin gwal iri uku ne. Akwai zinare ciki da waje, akwai wadda aka yi wa wankin ruwan gwal, akwai kuma mai riga, wato tagullar da aka lulluɓe da fallen zinare mai ɗan kauri.

Mu fara duba lambar da ke jikin maƙalli. 875 na nufin karat 21, 750 kuma karat 18. GP wanki ne, GF mai riga ce. Idan muka ga 1/20 14K GF, kashi ɗaya cikin ashirin na nauyinta ne kawai zinare. Amma lamba kowa na iya bugawa. Maganaɗisu ma ba ya raba gardama, domin kamar yadda ba ya jan zinare, haka ba ya jan tagulla.

Nauyi ne ke faɗin gaskiya. Zinare tsantsa ya ninka ruwa nauyi sau 19.3, karat 21 kusan 17, karat 18 wajen 15.5, tagulla kuwa 8.5 kacal.

Mu samo ƙaramin sikeli mai nuna 0.01 na giram, mu auna sarƙar. Sai mu ɗora kofin ruwa a kansa, mu danna TARE ya koma sifili. Mu ɗaura sarƙar da zare, mu nutsar da ita duka, kada ta taɓa gindin kofin ko gefensa. Abin da sikelin ya nuna shi ne nauyin ruwan da ta ture. Da shi za mu raba nauyin farko.

A ce sarƙa ta yi giram 10.5, a ruwa sikeli ya nuna 0.62. Rabawa ta ba mu 16.9, ta dace da karat 21. Da 1.22 ya nuna, amsar 8.6 ce, tagulla ke nan a ciki.

Gwajin na da iyaka. Kumfar iska, duwatsun ado da sarƙa mai rami a ciki duk suna rage amsar, har su sa a zargi zinaren gaske. Don haka mu girgiza zaren, mu maimaita sau uku. Haka kuma ruwa ba ya bambanta wanki da riga. A nan sai mu duba inda ƙawanyoyin ke gugar juna, domin wanki ya fi saurin goguwa, wani launi ya leƙo.

Idan amsar ta faɗa tsakanin 9 da 15, kada a biya kuɗi sai amintaccen maƙerin zinare ya duba.