Kafin Ka Nemi Amsa, Kafa Jumlar Lissafi

'Yan'uwa malamai, duk sa'ad da jarrabawar ɗaukar aiki ta ƙarato, sai wayoyinmu su cika da hotunan tambayoyi, 'ya'yanmu da ƙannenmu suna neman amsa. A ganina, tura musu amsa kaɗai cutarwa ce. Mu sa su kwafe tambayar da hannu tukuna, domin hoto yakan yanke gefen layi.

Ga misali: shekarun uba sun ninka na ɗansa sau uku, nan da shekara 12 za su ninka sau biyu. Mu kira shekarun ɗan x, na uban kuwa 3x. Shekara 12 ɗin nan kowannensu za ta ƙaru masa, saboda haka 3x + 12 = 2(x + 12). Ɗan yana da 12 ke nan, uban 36. Nan gaba 24 da 48.

Wanda ya manta baka biyun zai rubuta 2x + 12, ya sami sifili. Wanda ya karanta "shekara 12 da suka wuce" zai sami −12. Duk amsar da ba ta yiwuwa ga ɗan Adam, alama ce a koma ga rubutun. Ranar jarrabawa ba ma zauren. Abin da muka koya musu ne zai shiga.